Nawa Zan Iya Asara Zuwa Gobe? Yadda Ake Auna Kasadar Hannun Jari Guda

Mutumin da ya zuba naira miliyan biyar a hannun jarin kamfani ɗaya, idan ya tambayi dillalinsa nawa zai iya asara, amsar da ba ƙarya a cikinta ita ce duka. Kamfani na iya durƙushewa, takardar ta koma ba ta da amfanin komai. Sai dai wannan amsa ba ta taimaka wa kowa wajen yanke shawara, domin haka take ga kowane hannun jari a duniya, na kamfanin da ya kafu da na wanda ke tangal-tangal. Shi ya sa masu harkar kuɗi suka gyara tambayar. Maimakon su ce nawa za a iya asara, sai su ce: wane adadi ne asarar gobe ba za ta wuce ba, sai a rana ɗaya cikin ashirin, ko rana ɗaya cikin ɗari? Amsar wannan tambaya ita ce adadin da ake gani a rahoton bankuna da allon dillalai an rubuta VaR.

Adadin ba ya tsayuwa shi kaɗai. Dole ya zo da abu biyu a gefensa: wa'adi, wato kwana nawa ake magana, da matakin tabbaci, wato kashi nawa cikin ɗari na lokuta ake sa ran asarar za ta tsaya ƙasa da shi. Wanda ya ce maka VaR ɗinsa naira dubu ɗari biyu ne, ya yi shiru, bai gaya maka komai ba. Na kwana ɗaya ne ko na wata? A kashi 95 ne ko 99? Kuɗi ɗaya, hannun jari ɗaya, amma amsar na iya ninkawa sau huɗu ko biyar saboda waɗannan biyun kawai.

Asalin yaɗuwar wannan ma'auni bankin J.P. Morgan ne na Amurka. Shugabansa a farkon shekarun 1990, Dennis Weatherstone, ya buƙaci a riƙa ajiye masa takarda ɗaya kowace rana da ƙarfe 4:15 na yamma, bayan tashin kasuwa, mai nuna yawan abin da bankin gaba ɗaya zai iya asara a yini mai zuwa. A 1994 bankin ya fitar da hanyar lissafin ga kowa da kowa da sunan RiskMetrics. A 1996 kuma Kwamitin Basel, mai tsara ƙa'idojin da manyan bankunan ƙasashe ke bi wajen sa ido kan bankuna, ya yarda bankuna su yi amfani da VaR wajen ƙayyade jarin da za su ajiye saboda kasadar kasuwa: tabbaci kashi 99, wa'adi kwana goma, sannan a ninka abin da ya fito aƙalla sau uku. Wannan ninkawa sau uku abin lura ce. Tun ran farko masu sa ido ba su sakankance da adadin ba.

Hanyoyin fitar da shi uku ne sanannu. Akwai mai jera asarorin da aka yi a baya ya zaɓi wadda ta faɗo a gurbin da ake nema, akwai mai sa kwamfuta ta ƙirƙiro dubban ranaku na gwaji. Ta uku, wadda ita ce zancenmu, fomula ce zalla. Tana ɗauka cewa motsin farashi na bin wata siffa sananniya, don haka ba ka buƙatar komai sai ma'auni ɗaya ko biyu da za ka cusa a ciki. Ita ce mafi sauƙi, ana iya yin ta a bayan ambulan, kuma sauƙin nata ne ke sa a manta da abin da aka ɗauka kafin a fara.

Mu ƙaddara wani mutum na da hannun jari 20,000 na wani kamfani, kowanne a kan naira 250. Jimilla naira 5,000,000. Fomular ga ta:

```
VaR = V × σ × z × √t
```

Harafin V shi ne darajar abin da ke hannunsa a farashin yau, ba farashin da ya saya ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi. Ko a naira 100 ya saya bara, abin da ke cikin kasada yau miliyan biyar ne. Harafin t yawan kwanakin kasuwa ne. Sauran biyun, σ da ake kira sigma da kuma z, su ne ke buƙatar a zauna a kansu.

Sigma ita ce ma'aunin yadda farashi ya saba tsalle. Ba ruwanta da sama ya yi ko ƙasa, girman tsallen kawai take aunawa. A ce farashin rufe kasuwa na kwana shida a jere ya kasance 250, 255, 249, 252, 245, 250. Da farko a mayar da kowane motsi kashi cikin ɗari na farashin jiya. Daga 250 zuwa 255 hawan kashi 2.0 ne. Daga 255 zuwa 249 faɗuwar kashi 2.4. Sai hawan 1.2, faɗuwar 2.8, da hawan 2.0. Idan aka tara su haka, hawa da sauka za su cinye juna a tashi da kusan sifili, kamar farashin bai motsa ba, alhali mai kuɗin ya kwana biyar yana kallon dubban nairori na shiga suna fita. Don haka sai a ninka kowanne da kansa, abin da ke kawar da alamar ragi: 4.0, 5.8, 1.4, 7.8 da 4.0. Jimillarsu 23. A raba biyar, 4.6. Sannan a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 4.6, wato saiwarta, a sami kusan 2.1. Sigmar waɗannan kwanaki ke nan: kashi 2.1 a yini.

Kwana biyar sun yi kaɗan a gina komai a kansu. A aikace ana ɗaukar kusan shekara guda ta kasuwa, kwana 250 ko makamancin haka, a bar kwamfuta ta yi wahalar. A manhajar Excel, idan motsin kowace rana na jere a layin C, wannan ya wadatar:

```
=STDEV.S(C3:C252)
```

Kafin a danna, a duba jerin farashin da ido. Idan kamfani ya raba wa masu hannun jari kyautar ɗaya a kan kowane ɗaya, farashi zai rabe biyu a rana guda ba tare da kowa ya yi asarar kwabo ba. Jerin da ba a gyara ba zai nuna faɗuwar kashi 50, kuma wannan rana ɗaya za ta kumbura sigmar shekara gaba ɗaya. Haka ranar da aka cire ribar da za a raba daga farashi, ko da yake tata ɓarnar ba ta kai haka ba.

Wani lokaci kuma za a ba ka sigma ta shekara, a ce kashi 32. Ba a raba ta da yawan kwanakin kasuwa, 252. Da saiwar 252 ake rabawa, wato 15.9, sai a sami kashi 2 a yini. Za mu ga dalili idan mun zo kan wa'adi. Mu tsaya a kan wannan: sigmar mutuminmu kashi 2 ce a yini, wanda a kan miliyan biyar ya kama naira 100,000. Motsin naira dubu ɗari, sama ko ƙasa, shi ne abin da ya kamata ya ɗauka a matsayin rana irin ta kullum.

Yanzu sai z. A nan ne fomular ta yi babban zatonta. Tana ɗauka cewa idan aka tara motsin ranaku da yawa aka zana su, za su yi tudu mai siffar ƙararrawa: yawancinsu cunkushe a tsakiya kusa da sifili, suna raguwa daidai wa daida ta dama da hagu, kuma raguwar na da sauri ƙwarai. Wannan siffa, da ake danganta ta da masanin lissafi Gauss, an san ta ciki da bai. An san cewa kusan kashi 68 na ranaku za su faɗo tsakanin sigma ɗaya sama da sigma ɗaya ƙasa. An san cewa kashi 5 ne kawai za su faɗi ƙasa fiye da sigma 1.645, kashi 1 kuma fiye da sigma 2.326. Waɗannan lambobi su ne z. Ba daga kasuwa suka fito ba, daga siffar ƙararrawar suka fito, shi ya sa ba sa canzawa ko wane kamfani ake magana.

A kula, gefe ɗaya ake dubawa. Wanda ya yi darasin ƙididdiga zai tuna 1.96 a matsayin lambar kashi 95, amma wannan ta mai duba gefe biyu ce, hawa da sauka. Mai hannun jari ba ya tsoron hawa. Wanda ya sa 1.96 ya ce kashi 95 yake aunawa, a gaskiya kashi 97.5 ya auna.

Sai lissafi. A kashi 95, wa'adin kwana ɗaya: naira 100,000 sau 1.645, ya ba da naira 164,500. A kashi 99: naira 100,000 sau 2.326, ya ba da naira 232,600. Karatun na farko shi ne, a rana 19 cikin 20 ana sa ran mutumin zai ci riba ko ya yi asarar da ba ta kai naira 164,500 ba, a rana ɗaya cikin 20 kuma asarar za ta wuce haka. Rana ɗaya cikin ashirin ba abu ne mai nisa ba. Kwanakin kasuwa a wata ashirin da ɗaya ne ko da biyu, don haka kusan sau ɗaya ke nan kowane wata. Na kashi 99 kuwa sau biyu ko uku a shekara. Mutane kan ji kashi 95 su ɗauka an ce musu kusan ba zai faru ba, alhali abin da aka ce shi ne zai faru sau goma sha biyu ko sha uku kafin shekara ta zagayo.

Wanne ya kamata a zaɓa? Babu wanda ya fi wani gaskiya. RiskMetrics ta fara da kashi 95, Basel ta zaɓi 99. A ganina, ga mutum mai kula da kuɗinsa, kashi 95 ya fi amfani, saboda ana ƙetare shi akai-akai har mutum ya iya gane ko lissafin na tafiya daidai. Kashi 99 kuwa yana can gefen da zaton ƙararrawa ya fi rauni.

Wa'adi shi ne inda hankali kan fara gardama. Idan kasadar kwana ɗaya naira 232,600 ce, ta kwana goma ai sai a ninka da goma? A'a. Ninkawa da goma na nufin kowace rana cikin goman ta zama mummunar rana irin ta ɗaya cikin ɗari, a jere, ba hutu. Abin da aka saba gani shi ne yau a hau, gobe a sauka, wani ya goge wani. Idan motsin yau ba ya gaya maka komai game da na gobe, lissafi ya nuna cewa faɗin tsallen na ƙaruwa ne da saiwar yawan kwanaki. Kwana huɗu ninki biyu, kwana tara ninki uku, kwana goma ninki 3.162. Don haka VaR na kwana goma a kashi 99 ya zama naira 232,600 sau 3.162, kimanin naira 735,500.

```
=5000000*0.02*NORM.S.INV(0.99)*SQRT(10)
```

Ga shi nan: mutum ɗaya, hannun jari ɗaya, amma daga naira 164,500 mun kai naira 735,500, kuma duka biyun daidai ne, tambayoyin ne suka bambanta. Wa'adin da ya dace shi ne tsawon lokacin da zai ɗauke ka ka fita daga cikin abin idan ka ga dama. Mai iya sayarwa cikin minti biyar, kwana ɗaya ya ishe shi. Wanda sai ya yi mako biyu yana sayarwa kaɗan-kaɗan kafin ya rabu da kayansa, yaudarar kansa yake idan ya auna kwana ɗaya.

Mai lura zai ce mun manta da ribar da ake sa rai. Ba mantuwa ba ce. Cikakkiyar fomular na cire matsakaicin riba daga asarar. Amma a ce hannun jarin kan ba da kashi 20 a shekara, a yini kashi 0.08 ke nan, naira 4,000 a kan miliyan biyar. Kusa da naira 164,500 wannan ba abin tada jijiyar wuya ba ne, ga shi kuma ƙiyasta matsakaicin riba ya fi ƙiyasta sigma wuya nesa ba kusa ba. Shi ya sa a gajeren wa'adi ake ɗaukarsa sifili. A wa'adin shekara labari ya sha bamban: sigma kashi 32 sau 1.645 a kan miliyan biyar naira 2,632,000 ne, ribar da ake sa rai kuma miliyan guda, wadda in aka cire za a koma naira 1,632,000. A irin wannan nisa zaton riba ne ke jan ragamar amsar, kuma fomular ba don shi aka gina ta ba.

Abin da adadin ya yi shiru a kai ya fi abin da ya faɗa muhimmanci. VaR kamar dokin ƙofa ne a unguwar da ruwa ke ci: yana gaya maka sau nawa ruwa zai tsallako shi a damina, amma ba ya gaya maka ko a idon sawu zai tsaya ko zai kai taga. Naira 232,600 ba ita ce mafi munin asara ba. Ita ce mafi sauƙin asara a cikin munanan ranaku, wato inda suka fara. Idan har ƙararrawar gaskiya ce, ana iya lissafa matsakaicin asarar ranakun da suka tsallake: a kashi 99 sigma 2.665 ce, wato naira 266,500. Bambancin bai taka kara ya karya ba. To amma wannan idan ƙararrawar gaskiya ce.

Ba gaskiya ba ce, kuma an daɗe da sani. Tun 1963 Benoit Mandelbrot ya bincika farashin auduga na shekaru masu yawa ya nuna cewa manyan tsalle na faruwa fiye da yadda siffar Gauss ta yarda. A lissafin ƙararrawa, faɗuwar sigma huɗu a yini, wato kashi 8 ga mutuminmu, sau ɗaya za a gani a kwana 31,000 da ɗoriya, fiye da shekara 120 na kasuwa. Faɗuwar sigma biyar, kashi 10, sau ɗaya a kwana miliyan uku da rabi. Duk wanda ya bi kasuwar hannun jari na 'yan shekaru ya ga faɗuwar kashi 10 a yini da idonsa, ba sau ɗaya ba. Ranar 19 ga Oktoba 1987 ma'aunin Dow Jones na Amurka, wanda ke tattare da manyan kamfanoni talatin, ya zube da kashi 22.6 a yini guda.

Ga hannun jari guda lamarin ya fi tsanani, domin babu wani kamfani a gefe da zai rage zafin. Labari ɗaya ya isa: sakamakon kuɗi da ya zo ba yadda aka zata ba, hukuncin kotu, gobara a masana'anta, sauyin dokar gwamnati. Ranar 3 ga Fabrairu 2022 hannun jarin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya faɗi da kusan kashi 26 a yini ɗaya, bayan ya fitar da sakamakonsa a yammacin da ya gabata. Darajar fiye da dala biliyan 200 ta tafi. Ko an ɗauka sigmarsa kashi 2.5 ce, wannan ya haura sigma goma, abin da ƙararrawa ke cewa ba za a gani ba ko a tsawon rayuwar duniya. Kuma yawancin faɗuwar ta auku ne tun kafin a buɗe kasuwa. Farashin buɗewa ya riga ya yi nisa da na rufewar jiya, babu damar sayarwa a tsakani. Darasin da ke nan na aiki ne: ranakun fitar da sakamako sanannu ne tun da wuri, kuma sigmar da aka samo daga ranakun yau da kullum ba ta da abin cewa a kansu.

Wani abin mamaki, a kashi 95 ƙararrawar ba ta cika yin mugun kuskure ba, wani lokaci ma takan zarce gaskiya kaɗan. Manyan tsallen da ke cikin jerin sun riga sun kumbura sigma, yawancin ranaku kuma sun fi yadda sigmar ta nuna natsuwa. Daga kashi 99 zuwa sama ne take fara rage kasada, kuma iya nisan da aka yi, iya girman ragin. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2016 Kwamitin Basel ya sauya ma'auninsa na kasadar kasuwa daga VaR a kashi 99 zuwa matsakaicin asarar munanan ranaku a kashi 97.5.

Rauni na biyu a jikin sigma yake. Mun ɗauke ta kamar tsayayyen abu, alhali kasuwa na da lokacin lafawa da lokacin tashin hankali, kuma ranakun tashin hankali a jere suke zuwa. A ce yau hannun jarin mutuminmu ya faɗi da kashi 8. Idan sigma daga kwana 250 ake samo ta, kowace rana da nauyi ɗaya, wannan faɗuwa za ta ɗaga ta daga 2.0 zuwa 2.06 kacal. Fomular za ta ce gobe kusan kamar shekaranjiya take, abin da ko yaron dillali ya san ba haka ba ne. RiskMetrics ta magance wannan da ba wa sababbin ranaku nauyi fiye da tsofaffi:

```
σ²(sabo) = 0.94 × σ²(jiya) + 0.06 × r²
```

Harafin r motsin yau ne. Sigmar jiya 2 ce, ninkinta da kanta 4, sau 0.94 ya ba da 3.76. Motsin yau 8 ne, ninkinsa da kansa 64, sau 0.06 ya ba da 3.84. Jimilla 7.6, saiwarta 2.76. Cikin yini guda sigma ta tashi daga kashi 2 zuwa 2.76. Kuɗin mutumin yanzu naira 4,600,000 ne, amma VaR ɗinsa na kashi 99 ya hau zuwa kimanin naira 295,000. Kuɗi sun ragu, kasada ta ƙaru. Ko wannan gyara dai bayan an sha duka yake zuwa. Yana gaya maka ka shiga lokacin tashin hankali, ba ya hango shigowarsa. Mafi haɗarin lokaci shi ne bayan doguwar lafawa, sa'ad da sigma ta yi ƙasa, VaR ya yi ƙanƙanta, mutum ya ga kamar akwai sararin ƙara saye.

Mai saye a kasuwar hannun jari ta Nijeriya da ke Legas na da ƙarin abu biyu da zai sa a lissafi. Na farko, akwai kamfanonin da ba a cika cinikinsu ba, farashinsu kan yi kwanaki bai motsa ba. Jerin motsinsu cike yake da sifili, sigma ta fito 'yar mitsitsiya, fomular ta ce babu kasada. Rashin ciniki ne ya daskarar da farashin, kuma ranar da ka zo sayar da kaya mai yawa za ka tarar ba mai saye a wannan farashi. Alamar gane wannan mai sauƙi ce: a ƙirga ranakun da motsi ya zama sifili, a kuma gwada yawan hannun jarinka da yawan da ake cinikinsa a yini. Idan naka ya kai cinikin kwana biyar, wa'adin kwana ɗaya ba naka ba ne.

Na biyu, kasuwar ta iyakance motsin farashi a yini zuwa kashi 10, sama ko ƙasa. Da ganin farko wannan kariya ce. Amma idan mummunan labari ya cancanci faɗuwar kashi 27, iyakar ba ta hana faɗuwar, rarraba ta kawai take yi. Yau 250 ta koma 225, gobe 202.50, jibi 182.25, masu son sayarwa sun yi layi, masu saye sun janye. Asarar mutuminmu a kwana ukun nan naira 1,355,000 ce. Fomular kuwa, a kashi 99 da saiwar uku, naira 402,900 ta ce. Dalilin giɓin shi ne dokar saiwa ta dogara ne da cewa yau ba ta san gobe ba, a nan kuwa faɗuwar yau ita ce shelar ta gobe. Waɗanda suka ga yadda kasuwar ta zube daga ƙololuwarta ta Maris 2008, har ta rasa kusan kashi 70 na ma'auninta cikin shekara guda, musamman waɗanda suka saya da bashin banki, sun san irin waɗannan ranaku.

To ta yaya mutum zai san ko lissafinsa na aiki? Da ƙirge. Kowace yamma a rubuta VaR na gobe, washegari a rubuta abin da ya faru a gefensa, a yi alama duk ranar da asara ta tsallake. A kashi 99, cikin kwana 250 ana sa ran tsallakewa biyu ko uku. Basel ta tsara wannan kamar fitilar hanya: daga sifili zuwa huɗu kore, biyar zuwa tara rawaya, goma zuwa sama ja, kuma bankin da ya bar kore ana ƙara masa yawan jarin da zai ajiye. A kashi 95 ana sa ran sha biyu ko sha uku. Wanda ya ga ashirin da biyar, sigmarsa ta yi ƙanƙanta. Wanda ya ga biyu kacal, ta yi yawa, yana tauye kansa a banza. A duba jeruwarsu kuma. Tsallakewa huɗu da suka warwatsu cikin shekara ba matsala ba ne, amma huɗu cikin mako guda na nuna sigmar ba ta bin sauyin kasuwa da sauri. A ƙarshe a duba girmansu, domin fitilar Basel yawa take ƙirgawa, ba zurfi ba. Idan duk ranar da aka tsallake asarar kan ninka VaR sau biyu ko uku, wannan hannun jari ba ya bin ƙararrawa, ko da ƙirgen ya tsaya a kore.

Inda fomular ta fi yi wa mutum ɗaya amfani, a ganina, shi ne idan aka juya ta baya. Maimakon a saya sannan a tambayi kasada, sai a fara da abin da za a iya jurewa. Mutum ya ce asarar naira 100,000 a yini ita ce iyakar abin da zai ɗauka, ban da rana ɗaya cikin ɗari. Sai a raba 100,000 da 0.02 sau 2.326, a sami kimanin naira 2,150,000, wato hannun jari 8,600 a farashin naira 250, ba 20,000 ba. Idan kamfanin mai sigma kashi 4 ne, adadin ya rabe biyu. Idan kuma kamfanin na gab da fitar da sakamakonsa, ko cinikinsa ba shi da yawa, sai a ajiye fomular a yi lissafi na biyu da hannu: faɗuwar kashi 25 a kan naira 2,150,000 ta kama naira 537,500, kuma wannan adadin ne za a gwada da abin da ke asusu.